Mai Taɓo a Gefen Hoto

Ɗan baffana, Alhaji, ya fitar da mahaifina daga hoto, kuma ya san abin da ya yi.

Ƙungiyar 'yan garinmu, can wajen Mawashi, ta sa a haɗa bidiyon tarihin babbar rijiyarmu don taron bayan Salla, shi aka ɗora a kan aikin. Ya tura mana a waya mu gani. A ciki an sa hoton ranar da aka kai ga ruwa, kuma duk duniya Baba ba shi da wani hoton. Dattawa na zaune a tsakiya cikin manyan riguna. Baba, da ya haƙa rijiyar, yana tsaye can gefe da taɓo har wuya, don kada ya ɓata wa mutane tufafi.

Muryar mai bayani na cewa "wanda ya shiga ramin nan da ransa", hoton yana matsowa a hankali. Gefe ya riƙa zamewa. Kafaɗar Baba ta fita, kansa ya bi, allo ya cika da fuskar baffa, mutumin da ko guga bai taɓa ja ba.

A aji huɗu na bar makaranta, amma ido ba ya neman satifiket. Na hau mashin sai Kankia, shagon mai haɗa bidiyon, wani magidanci mai tabarau.

"Kai ka yanke tsohona?"

"Malam, ban yanke kowa ba. Zauna ka gani."

Ya nuna mini a kwamfuta. Ashe hoton yana nan cikakke. Akwati biyu ake ɗora masa, ɗaya inda kallo zai fara, ɗaya inda zai tsaya, na'ura ta yi tafiyar tsakani. Muryar kuma tana ƙasa kamar kunyar gona, kowace kalma da wurinta.

"Wa ya ce ka aje akwatin nan kan mai rawani?"

"Alhaji, da yatsansa."

Na ce ya ja shi gefe. Ya ja, ya matso sosai, fuskar Baba ta dagule kamar kunu.

"Tsohon hoto ne, ba ya ɗaukar matsi," in ji shi.

"To ja baya. Bar shi da taɓonshi, shi ne shaidarshi."

Muka yi ta maimaitawa. Wani zubin kallo ya riga murya isa, wani zubin ya makara. Ban tashi ba sai da ya taso daga dattawa sannu a hankali, ya sauka kan Baba daidai kan "da ransa". Mai shagon ya ce ba zai fitar ba sai Alhaji ya yarda. Na ce ya zuba mini a waya.

A ƙofar gidansa na Kusada na sami Alhaji. Ya kalla har ƙarshe, ya yi 'yar dariya.

"Haba ɗan'uwa, mi ya yi zafi? Duk ba iyayenmu ba ne?"

Na ce, "Iyayenmu ne, Alhaji, amma ɗaya ne ya shiga rami. Kira mai shago yanzu ina tsaye. In ba wannan aka haska ba, ranar taro ni zan tsaya gefen allo da hoton a hannu, in nuna wa jama'a inda ka sa yatsa."