Na Ce a Goge

Ɗana na fari ya fita da babur wata safiya lokacin rikici, bai dawo ba. Mun duba asibitoci, mun duba inda ake jera gawawwaki. Ba mu gan shi ba. Tunda ban ga gawa ba, ban yarda a yi masa salla ba. Wayarsa ya bari a gida ranar, tana caji. Lamba ɗaya ya haddace a duniya, ita ce ta layina, wanda muke kira layin gida. Idan yana raye a wani wuri, ko a tsare, ko hankalinsa ya gushe ya dawo, wannan lambar zai kira. Saboda haka ban taɓa bari layin ya mutu ba.

Sau biyu muna gudu daga gida. Duk lokacin na bar katifa, na bar tukwane, amma na zare katin layin daga waya na cusa a naɗin hulata. Waya takan faɗi, takan ƙone, akan ƙwace ta a hanya. Kati kuwa in yana jikinka, ka sa shi a kowace waya, layi ya tashi. Abin da na sani ke nan, kuma bai taɓa ba ni kunya ba.

Aikina fasa dutse ne. Da aka zo rajistar layi, na'ura ta ƙi karɓar yatsuna, zanen ya goge. Sai aka yi rajistar da sunan 'yata. Daga baya kunnena ya yi nauyi, waya takan yi ta ƙara a aljihuna ban ji ba. Uwarsu ta riga ta rasu. 'Yar ta ce in ba ta layin ta riƙe, ita tana ɗinki a unguwar Rikkos, waya kullum tana gefen kekenta. Na ba ta.

Bayan wani lokaci mijinta ya saya mata babbar waya, ta hannu, mai ramin kati ɗaya. Wata Juma'a ta zo Dilimi gaishe ni, ta miƙo min katin layin gida.

"Baba, ga tsohon katinka. Ka ajiye ko ka yar, ya gama aiki."

"Layin yayanki ne kike cewa a yar?"

"Layin yana nan. Na je ofishinsu an mayar min da shi cikin wayar. Nawa yana rami, na gida yana ciki. eSIM ake ce masa."

"Isim ko Isiyaku, ba ni abina."

Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta kira lambar da wayar maƙwabciya, tata ta yi ƙara a gabana. Na gani, amma ban gane ba. Na ɗauka wayar aro take yi daga katin, kamar yadda ake jan wuta daga gidan maƙwabci. Na naɗe katin a takarda na ajiye. A raina asalin layin yana wurina.

Ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta. Ba zan yi maganar wannan ba.

Bayan addu'ar bakwai aka zauna kan kayanta. Aka ce wayar ta shiga gado, a sayar. Surukina ya zare katinta daga ramin, ya ce akwai hotunanta a ciki ba mayafi, ba ya son idon wani ya gani, a goge komai kafin ta bar hannunmu. Muka tafi kasuwar Terminus tare. A bakin layin masu gyara wani ɗan uwansa ya tare shi da ta'aziyya, sai surukin nawa ya tsaya, ya ba ni wayar a buɗe, ya nuna min shagon.

Mai gyaran babban mutum ne, ɗan asalin Filato, da gilashi ɗaure da zare. Ya yi ta danne-danne, sai ya tsaya.

"Baba, wayan nan yana tambaya. Akwai layi a ciki. A bar shi ko a goge shi tare?"

"An cire kati."

"Na ga an cire. Wannan wani ne, na ciki."

"Na san shi. Yana aljihuna. Goge."

"Ka tabbata, Baba? In ya tafi, ni ban iya dawo da shi."

"Na ce a goge."

Ya goge. Bai yi laifi ba, sau biyu ya tambaye ni.

Kafin in tashi na ciro ƙaramar wayata mai maɓallai, na kwance takardar, na ce ya sa min katin. Ya sa, ya kunna. Muka jira. Babu sandar sabis ko ɗaya. Ya ciro, ya goga a rigarsa, ya mayar. Ya gwada a tasa wayar. Haka nan.

"Wannan katin ya daɗe da mutuwa," ya ce. "Wane lamba ne?"

Na faɗa masa. Ya kira. Muryar mace ta ce ba a samun lambar. Ya cire gilashinsa ya dube ni.

"Baba, shi ne wanda muka goge yanzu?"

Na gyaɗa kai. Ya ture wani akwati ya ce in zauna. Mai shagon kusa ya leƙo yana cewa, "Oga, ka kashe wa tsoho waya ne? Dama hannunka ba albarka." Mai gyaran ya ɗaga masa hannu, ya koma.

Sai ya yi min bayani a hankali, da ƙarfi saboda kunnena. Ya ce layi ba roba ba ne. Layi yana wurin kamfani, katin shaida ce kawai da waya take nuna musu. Wayoyin yanzu wasunsu ana ƙera su da nasu ɗan katin, manne a cikin injin, ba a zare shi, kuma babu komai a kansa sai an rubuta. In ka je ofis suka tabbatar kai ne mai layin, sai su ba ka wani hoto mai ɗigo-ɗigo baƙi da fari. Waya ta duba hoton da kyamara, ta sauko da layin ta intanet, ta rubuta shi a kan na cikin. Daga lokacin tsohon katin ya zama fanko, don lamba ɗaya ba ta zama a wuri biyu.

"Kenan tun ranar da ta ba ni, ba komai a ciki."

"Ba komai, Baba."

"Fasa wayar ka ciro na cikin."

"Ko na fasa, abin da aka rubuta ne ya tafi. Amma lamban bai mutu ba, yana wurin kamfani. Mai layin ya je da kansa, za su ba shi sabo."

"Tana ƙasa kwana tara."

Ya ce Allah ya ji ƙanta. Da surukina ya iso ya ji, ya ce yana da takardar hoton a cikin kayanta, ko za a sake dubawa. Mai gyaran ya ce a kawo a gwada, amma yawanci sau ɗaya yake aiki. Washegari aka kawo. Bai yi ba.

Na tambaye shi ko ƙaramar wayata za ta ɗauki irin na cikin, in an samu. Ya ce mu tambaye ta. Ya danna *#06#. Lambobi suka fito layi biyu, ya ce waɗannan IMEI ne, kowace waya tana da su. Ya danna a wayar marigayiya, sai ga wata lamba doguwa, da haruffa uku a gabanta, EID.

"Ka ga wannan? In waya ya nuna shi, yana ɗaukan eSIM. In babu, babu. Ko ka shiga saitin, wajen layi, ka ga an rubuta a ƙara eSIM. Naka kam, Baba, ko tocila da ƙyar yake ɗauka. Ka ce su ba ka na roba."

Ban yi karatu ba, amma haruffan nan uku na riƙe siffarsu.

A ofishin kamfanin wata ma'aikaciya ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce ba za su ba ni layin wani ba don na ce 'yata ce. Sai takardar shaidar mutuwa, da takardar rantsuwa daga kotu, da shaidar ni wane ne a wurinta. Ta kuma ce kada in yi sanyi, layin da ya daɗe ba a amfani da shi akan karɓe a ba wani. Na ce wani zai iya kira a kwanakin nan. Ta ce duk wanda ya kira, za a ce masa ba a samun lambar.

Na daina zuwa dutse. Kullum ina hanya, asibiti, kotu, ofis. Sunanta a takardar asibiti ya bambanta da na rajista da harafi ɗaya, aka koma da mu baya. Surukina yana biye da ni, ga nasa ciwon. Wata rana a cikin keke mai ƙafa uku ya ce laifinsa ne da ya tsaya gaisuwa. Na ce ba kai ka ce a goge ba. Bai sake tayar da maganar ba.

Kowace safiya nakan ba maƙwabcina lambar ya kira. Muryar nan ce dai. Shekara da shekaru layin bai taɓa kwana a rufe ba, ko ranar da aka ƙone mana gida. Ni na rufe shi da bakina.

Sati bakwai aka yi. Aka yi rajistar da sunan surukina, don yatsuna har yanzu ba sa kamawa. Ma'aikaciyar ta tambaye shi na ciki yake so ko na roba. Na amsa kafin ya buɗe baki. Ta ɓalle sabon kati ta sa a wayata. Bayan ɗan lokaci sanduna suka tashi.

Na ce mata, "'Yata, duba min a na'urarki. A sati bakwai ɗin nan, wa ya kira?"

"Baba, wannan ba zan iya gaya maka ba."

"Ko sau ɗaya aka kira, ki ce min an kira. Ba sai suna ba."

"Ba na ganinsa a nan. Ka yi haƙuri."

Muka fito. A bakin titi wayar ta yi motsi a hannuna, saƙo ya shigo. Na miƙa wa surukina. Ya karanta, ya ce kamfani ne, suna yi mana barka da zuwa. Ya ƙure min ƙarar wayar, ya sa ta riƙa girgiza. Na yanka igiya na rataye ta a wuya, cikin riga, inda fata za ta ji ko kunne bai ji ba. Ranar Litinin na koma dutse.