Amsoshin da na haddace

Shekara ashirin da ɗoriya ina koyarwa a elementare kafin maƙogwarona ya fara yi mini tawaye. Da safe muryar takan fito lafiya lau, zuwa azahar ta dushe, wata rana ma ta ɗauke ɗif ina tsakiyar jimla, yara su zuba mini ido suna jiran ƙarshen maganar. Likita ya leƙa da ɗan madubinsa, ya ce idan na ci gaba da ɗaga murya da shaƙar alli, wata rana za ta tafi ba ta dawo ba. Na fito daga asibiti ina tunanin makomata, don ba ni da gona, ba ni da rumfa a kasuwa, da muryar nan nake ciyar da iyalina, kuma ban taɓa jin an riƙe malamin da ba ya magana ba.

Lokacin gwamnati na neman 'yan Arewa ruwa a jallo don cike guraben ofisoshi. Na ga sanarwa ana neman malaman ƙungiyoyin gama kai na manoma. A zatona aikin tebur ne da alƙalami. Taubashina, wanda ke aiki a gidan waya, shi ya yi mini odar littattafai daga Ingila: ɗaya na tsarin ajiye lissafi, ɗaya na rubuta takardar neman aiki, na uku kuma na yadda ake amsa tambayoyi a intabiyu. Da suka iso bayan watanni ya kawo mini su har gida a Yakasai, ya dire a zaure.

"Ga su nan, tsohon ɗalibi," in ji shi. "Furfura a gemu za a koma aji ɗaya. In ka faɗi kada ka ce ka san ni."

"Kai da aka ɗauka don ka iya lasar kan sarki?"

"Ai da harshe nake lasa, nawa kuwa yana aiki."

Na yi dariya, amma ban gaya masa abin da likita ya ce ba. Matata kaɗai ta sani.

Takardar neman aikin dole ta bi ta hannun hedimasta, daga nan ta wuce ofishin ilimi na En'e, wato hukumar gargajiya. Ran da na miƙa ta, ran nan aka fara neman wanda zai karɓi ajina.

Littafi na uku shi ya fi tsorata ni. Marubucinsa mutum ne mai tabbaci a kan komai. A cewarsa a shiga da fara'a, a dubi mai tambaya cikin ido, a yi magana da ƙarfi. Ya kuma ja layi a ƙarƙashin gargaɗi guda: kada a kuskura a ambaci rashin lafiya a matsayin dalilin barin aiki. A bayan littafin ya jera tambayoyi da amsoshinsu, ya ce a gwada su a bayyane.

To, ni a makarantar allo aka fara koya mini karatu, kuma a can abin da ba a haddace ba, ba a karanta shi ba. Na ɗauki amsoshin nan kamar an ba ni allo. In na taso daga makaranta sai in shige ɗaki in yi ta maimaitawa da ƙarfi, ina rangaji, har maƙwabcinmu maɗinki ya tambaye ni ko wani sabon wuridi na karɓo. Matata ta tsaya a bakin ƙofa da kofin ruwan ɗumi da zuma.

"Malam, likita ya ce ka rage magana, kai kuma ka ƙaro ta da Turanci."

"Na 'yan kwanaki ne."

"Muryar ta san da haka?"

Ban saurare ta ba, don duk lokacin da na yi shiru sai in ga kaina zaune a ƙofar gida da hantsi, sa'o'ina duk sun tafi aiki, sai in sake buɗe littafin.

Ranar intabiyu na tashi, na buɗe baki zan amsa gaisuwar matata, sai iska kawai ta fito. Na gwada, na sake gwadawa. Ta dafa citta da kanumfari, na sha har harshena ya ƙone, abin da na samu bai wuce raɗa ba. Na hau keke na fita ta ƙofar gari zuwa ofisoshin gwamnati, gumi na bin bayana tun rana ba ta yi zafi ba. A baranda na tarar da masu jira a kan benci, yawancinsu samari, biyu ma ni na koya musu baƙi da wasali. Suka miƙe suka gaishe ni, na ɗaga musu hannu kamar wani basarake.

A ciki mutum biyu ne ke tambaya, ga akawu a gefe yana rubutu. Akwai Baturen sashen, da wani dattijo ɗan majalisar En'e mai babban rawani. Littafin bai san da zaman masu rawani ba, don haka na tuɓe takalma, na durƙusa na kwashi gaisuwa, sannan Baturen ya nuna mini kujera. Tambayarsa ta farko tana shafin farko na haddata: me ya sa nake son barin koyarwa? Amsar na nan a kaina tsaf, cewa ina neman fagen da zan ɗauki nauyi mafi girma. Na fara. Ni kaina da ƙyar nake ji.

Dattijon ya kara hannu a kunne. Ashe kunnensa ya yi nauyi.

"Me ya ce? Kai Malam, matso nan."

Na bar kujerar, na tsuguna kusa da gwiwarsa, ya sunkuyo. A nan Turancin ya watse, don ban san yadda ake raɗa wa dattijo ƙarya a kunne ba.

"Ranka ya daɗe, murya ce ta ƙare. Likita ya hana ni aji."

Ya ɗago, ya faɗa da irin ƙarfin da masu nauyin kunne ke magana: "Ya ce muryarsa ta mutu! Likita ya hana shi koyarwa!"

Taga a buɗe take, duk wanda ke baranda ya ji. Na ji kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa.

Baturen ya ajiye alƙalami. Cikin Hausarsa ta littafi ya bayyana mini cewa malamin gama kai yawon ƙauyuka yake yi, ya tara manoma a gindin bishiya, ya yi musu bayanin rance da sayar da gyaɗa da auduga, wani lokaci a yi ta musu har la'asar. Aikin ya fi aji cin murya. Ba za su iya ɗaukata ba. Ya tambayi abin da na karanta, na raɗa wa dattijon, dattijon ya sanar wa duniya. Da ya ji littafin lissafi, sai ya ce masu binciken asusun ƙungiyoyin za su yi tasu intabiyu bayan wata guda, zai tura sunana, amma bai yi mini alkawarin komai ba.

Kafin in iso Yakasai labarin ya riga ni. A makon nan sabon malami ya karɓi ajina, aka ba ni hutun rashin lafiya. Watan nan ban taɓa jin tsoro irinsa ba, ga shi babu halin in faɗa wa kowa, don matata ta kafa doka: ko gishiri nake so sai dai in nuna. Na zauna ina aikin lissafin littafin farko da fensir, shiru, abin da ban taɓa ɗauka karatu ne ba.

A intabiyu ta biyu aka ba ni takarda da alƙalami, na yi gwajin lissafi, aka yi mini 'yan tambayoyi na amsa a hankali. Suka ce akwai gurbi, amma a matakin da ake fara ɗaukar samari, ƙasa da albashina na malanta. Shugaban masu tambayar ya ce in je gida in yi shawara. Na ce masa na riga na yi, a ba ni takardar in sa hannu.