Shafin Yaya

Mijin yayata ya rasu ranar Lahadi bayan gajeriyar jinya, aka kai shi mutuware, aka sa jana'iza ranar Asabar. A wajenmu ba a binne babban mutum sai an buga ɗan littafin jana'iza, da hotonsa a bango, da waƙoƙin da za a rera, sai kuma shafukan da dangi ke rubuta masa kalmomin ban kwana. Shafin farko na matarsa ne. Mai buga littafin a Kafanchan ya ce ranar Laraba da azahar zai rufe karɓa.

Yaya a aji uku na sakandare ta tsaya, citta take sayarwa. Amma ta ce da Turanci za ta yi nata, da hannunta, domin dangin miji na Abuja duk da Turanci suka aiko, ba ta so a ce matarsa ce kaɗai ta kasa. Ni kuwa Turanci nake koyarwa a wata sakandare, saboda haka da safiyar Laraba ta kira ni bayan ɗaki, inda cittar da ta shanya tun kafin rasuwar take nan ba wanda ya kwashe. 'Yan zumuntar mata suna waƙa a tsakar gida.

"Malama," ta ce, don haka take kirana in tana so ta tsokane ni, "ga asamen ɗina. Ki duba mini, kada 'yan Abuja su yi mini dariya."

Takarda ce da ta yago daga littafin lissafin citta, ta cika ta gaba da baya. Ni da na tashi da littattafan soyayya a ƙarƙashin filo, na zaci zan ga wata da taurari da zuciyar da ta tsage. Layin farko cewa ya yi: He use to bring me roasted corn every Friday. Masara. Na ji wani ɗan takaici, hannuna kuma ya riga ya shiga jaka ya fito da jan biro. Ban yi shawara ba. Haka nake yi wa takardun ɗalibai, layi-layi, ba na wuce kuskure sai na kewaye shi.

"Nan akwai harafin d, Yaya. Used to. Abin da aka saba yi a da, yanzu an daina."

"To ai haka muke faɗa. I use to go market."

"Haka muke faɗa, amma ba daidai ba ne. In har yanzu kina zuwa, sai ki ce I usually go. Used to na abin da ya wuce ne kawai."

Ta ce, "Ya wuce," a hankali, ta gyaɗa kai. Na sa d ɗin, na ci gaba.

Layi na biyu: When we married, he would have only two shirts. Ta yi ɗan murmushi da na karanta. Ta ce ɗaya fara ɗaya mai layi-layi, in ta wanke ɗaya sai ya tsaya yana gadin ɗayar. Wannan would ɗin kuma a bakin Fasto ta tsince shi, ta ga yana da kwarjini.

"Would yana yi, amma ga aikin da ake maimaitawa," na ce. "Kamar masarar nan, za ki iya cewa every Friday he would bring me corn. Amma mallakar riga ba aikin da ake maimaitawa ba ne, halin da ake ciki ne. Nan sai used to have."

"Ashe rigar ma tana da doka."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Na soke would, na rubuta gyaran a sama.

Mijinta direban bas ne, Kafanchan zuwa Zonkwa. In ya iso kwanar gidansu da yamma yakan danna hon sau biyu, gajere da dogo, ita kuma ta ɗora ruwan wanka. Layi na uku a kan wannan ne: I am used to wait for his horn.

"Wannan kin haɗa biyu," na ce. "Ko dai I used to wait, wato a da kina jira, yanzu kin daina. Ko kuma I am used to waiting, da ing, wato jiran ya zame miki jiki. Wanne kike nufi?"

Ta daɗe tana kallon cittar.

"Jiya da yamma wata bas ta yi hon a kwana," ta ce. "Sai da na kai bakin murhu da bokiti kafin na tuna."

Da a littafi ne, nan zan jefar da biron in rungume ta. Abin da na yi shi ne na ce, "To na biyun ne," na ƙara ing da ja, na ja layi a ƙarƙashi. Ina jin a raina taimako nake yi. Azahar tana matsowa, ga sauran takarda.

Yaya ta miƙo hannu ta karɓe ta. Ta dubi layuka ukun, kowanne da jan zane a kansa.

"Uku cikin uku na faɗi," ta ce. "Shekara ashirin da biyu ina yi wa baban yara Turancin nan, bai taɓa ce mini in sake ba."

"Yaya, ƙananan gyare-gyare ne. Kawo in ƙarasa, minti goma."

"Bar shi, Malama. Ba aikin gida ba ne."

Ta ninke takardar huɗu, ta soke a bakin zaninta, ta koma wurin mata. Na bi ta ɗaki na roƙe ta. Na ce a buga yadda ta rubuta, ba zan taɓa ko ɗigo ba. Ta ce yanzu ta riga ta san ba daidai ba ne, ta yaya za ta bari a buga? In kuma aka gyara, ai ba muryarta ba ce. Ta juya ga wata tsohuwa da ta shigo gaisuwa.

Ƙarfe ɗaya saura, wan mijin ya same ni a ƙofa da makullin mashin a hannu. Ya ce ba za a buga littafi babu shafin mata ba, abin kunya ne ga gida, in rubuta wani abu da sunanta. Na zauna a kan turmi na rubuta. Na sa mijin ya zama hasken idonta da inuwar da take fakewa. Na sa he used to call me his queen, abin da ban taɓa jin ya faɗa ba. Na sa every evening he would hold my hand, na rufe da I will never be used to this silence. Duka ukun sun zauna daidai, ko mai jarrabawa ba zai sami abin sokewa ba.

Ranar Asabar a majami'a aka raba littafin. Ina zaune a bayan Yaya, na ga ta buɗe shafin, ta bi shi da yatsa har ƙasa, ta rufe. Bayan an dawo daga kabari wata ƙanwar mijin daga Abuja ta riƙe mata hannu tana hawaye.

"Anti, ashe haka kika iya Turanci? Rubutunki ya sa ni kuka."

"Na Malama ne," Yaya ta ce. "Ni masara ya riƙa kawo mini."

Ba mu yi faɗa ba. Har yau ina zuwa gidanta, muna cin tuwo a kwano ɗaya, tana ba ni citta in tafi da ita. Sau ɗaya, bayan shekara, na tambaye ta takardar, na ce ina so in karanta sauran, ba biro a hannuna. Ta ce da safiyar jana'izar, lokacin da aka ba ta rigar da za a sa masa ta goge, ta saka takardar a aljihun gaban rigar.