Ekutar ɗin Dama

Wahalar da ekutar ɗin nan, abin sauraren waya da ake maƙalawa a kunne, ya ba ni, ko injin niƙana bai taɓa ba ni irinta ba, alhali shi ne ya cinye mini kunnen hagu.

Na yi shekaru ina niƙa a unguwar Banifandou cikin birni. Kunnen hagu ya mutu tuni, na dama kawai nake lallaɓawa. In inji ya tashi ba na jin kukan waya, girgizarta ma ba na ji, don ni kaina girgiza nake yi. Shi ya sa na sayi ekutar marar igiya, ƴan biyu a cikin ƙaramin akwatinsu, don kira ya shigo mini kunne kai tsaye.

Kiran Inna nake tsaro. Tana ƙauyenmu can wajen Tibiri, inda babu rezo, waya ba ta kamawa sai bakin gari gindin wata tsamiya. Ƙanena yake ɗora ta a amalanke da safe ya kai ta can su kira ni. Tsohuwa ce mai ciwon ƙugu. In ban ɗauka ba, ta sha jijjigar hanya a banza.

Sai na yi dabara irin tawa. Na ce kunne ɗaya gare ni, me zan yi da biyu? Na ba mai ɗakina na hagu ta riƙa sauraren karatu, ta haɗa shi da wayarta. Da ta gaji da shi ta mayar cikin akwati. Tun daga nan abu ya lalace: na hagu na magana, na dama shiru. Na sa na hagun a kunnen dama, ba ya zama, sau ɗaya ma cikin kwanon garin wata mata na tsamo shi.

Inna ta zo gindin tsamiya har sau biyu ban ɗauka ba. Ƙanena ya bar mini saƙon murya: "Yaya, Inna ta ce jibi za ta sake zuwa. In ba ka ɗauka ba, ta bar ka da birninka."

Na rufe inji na tafi wurin wani mai gyaran waya a bakin kasuwa, Bazabarme mai furfura, abokin wasanmu Gobirawa. Yana ganin zanen fuskata ya washe baki.

"Bawana Bagobiri, me ka ɓata?"

"Bawanka yana gidanku. Duba mini wannan, ɗaya ya mutu."

Ya buɗe akwatin, ya busa, gari ya tashi. "Tuwo kake tuƙawa a ciki?"

Ya sa tsinke da auduga ya goge ƴan ƙarafan da ke ƙasan ramin, ya ce in gari ya rufe su ekutar ba ya shan caji. Ya mayar da su, duka biyu suka kawo wuta. Sai ya buɗe Bulutus na wayata, ya nuna mini suna ɗaya ya fito sau biyu.

"Ka raba su, ko?"

Na faɗa masa abin da na yi. Ya yi dariya har da tari.

"Irin waɗannan, ɗaya ke magana da waya ya miƙa wa ɗan'uwansa. Ka aurar da ɗaya wani gida, kowa ya zama mai gidan kansa. Wayarka ta kama na hagu, na dama ba mai ba shi komai."

Ya goge sunayen biyu daga wayar, ya kashe Bulutus. Ya ciro su, ya danne bayan kowane da yatsa, kamar tsawon karanta Fatiha, har wutarsu ta yi ja da fari. Ya ce wani iri maɓallin yana jikin akwati, kowane kamfani da nasa. Ya mayar da su ya rufe, ya ɗan jira, ya ciro su tare ya ajiye kusa da juna.

"Bari su gaisa tukuna. Kada ka kunna waya."

Wutar ɗaya ta lafa, ɗayan ya ci gaba da ƙyaftawa. Sannan ya kunna Bulutus, suna ɗaya tak ya fito, ya taɓa. Na sa na dama na kunna saƙon nan, sai ga muryar ƙanena tana maimaita mini maganar Inna.

"Ka ce wa madam ta goge shi daga tata wayar," in ji shi, "in ba haka ba zai koma can."

Na saya mata mai igiya a wurinsa. Ta karɓa tana cewa dama na hagun yana sa mata ƙaiƙayi.

Ban jira jibi ba. Washegari na ɗaure akwatin cikin leda saboda gari, na sa duka biyun, har a mataccen kunnen, na tada inji ina saurare.