Sakan takwas na shafi na goma sha huɗu

Takarda ɗaya ce tak da ta isa ta hana a kori wani dattijo daga Jidda, kuma a aljihuna take ranar da aka kore shi. Ban fito da ita ba. Shekaru sun ja, amma har yau idan na tuna sai in ji bakina ya yi ɗaci.

A lokacin ina aikin tafinta a wani babban sito a unguwar Khumra, inda ake lodi da sauke kayan abinci a tireloli. Leburorin yawancinsu namu ne, mutanen Nijar da Chadi da 'yan Najeriya kaɗan. Da kamfanin ya gina sabon dandamalin lodi, sai mudir, wato manajanmu, ya kira ni ya ce yana son bidiyon kariya da Hausa, wanda za a riƙa kunna wa ma'aikata ko ba na nan. Ya ba ni shafuka ashirin na kwamfuta masu hotuna da rubutu, irin waɗanda ke bin juna a allo. Ni zan ɗora murya.

“Minti goma,” in ji shi. “Ko sakan ɗaya kada ka ƙara. Tirela ba ta jiran wa'azi. Yalla, maza.”

Na samu takarda na ja mata layi, ta rabu gida uku. Gidan farko lambar shafi, na biyu sakan nawa zai tsaya a allo, na uku abin da zan faɗa, a taƙaice, magana biyu ko uku. Inda nake son masu kallo su ƙare wa hoto kallo sai in sa ɗigo babba, alamar in yi shiru, inda kuma za a juya shafi in ja kibiya. Shafi ashirin a minti goma, kowanne rabin minti ke nan. A takarda abin gwanin sha'awa.

Da na gwada da agogo, sai ga minti goma sha uku. Kai! Abin da Balarabe zai rubuta da kalma huɗu, ni sai na yi jimla biyu kafin leburan da bai taɓa ganin abin ba ya gane. Ga kuma buɗewa. Wa zai soma yi wa dattawa magana babu sallama? Na yi bisimilla, na yi salati, na gai da mutanen Nijar, na gai da na Chadi don kada su ce an ware su, na yi wa kowa ya gajiya ya iyali. Wannan kaɗai ya cinye minti ɗaya da rabi.

Sai na zauna yanka. Gaisuwar ban taɓa ta ba, don kada a ce ɗan boko ba shi da tarbiyya. Dabarar da na yi, wadda a lokacin har ina yaba kaina, ita ce duk shafin da rubutunsa ya cika sai in rage masa magana, tunda ai ga shi nan a rubuce da Larabci, ni kuma na ƙara Hausar boko a ƙasa. Shafi na goma sha huɗu shi ya fi kowanne rubutu. Sabuwar doka ce: kada mai tuƙa motar ɗaga kaya ya shiga cikin tirela sai ya ga an sa wa tayoyinta waigi don kada ta motsa, an kuma karɓe makulli daga hannun direbanta. Na soke sakan talatin na rubuta takwas. A gida na uku na rubuta, “Ku kula da abin da ke rubuce a nan.” Iyakar abin da muryata ta faɗa ke nan.

Wallahi na san mutanen nan. Na san rabinsu ba sa karanta boko, Larabcin ma sai na makarantar allo, shi ma da sannu, suna bin sa da yatsa. Ni nake karanta musu takardar asibiti. Amma idona na kan agogo. Aka ɗauki murya, wani mai shagon kwamfuta a Aziziyya ya haɗa ta da shafukan ya zuba a faifai, minti tara da sakan hamsin. Mudir ya dafa kafaɗata. Aka tara ma'aikata suka kalla, kowa ya dangwala yatsa a rajista cewa ya gani ya fahimta.

Cikinsu akwai dattijon, mutumin Tawa, wanda nake kira Kawu shi kuma yana ce min Malam. Ya haura shekara ashirin yana tuƙa motar ɗaga kaya bai taɓa fasa ko kwalin madara ba. Matarsa da 'ya'yansa mata uku suna unguwar Mahjar, duk a ƙarƙashin iƙamarsa suke, wato takardar izinin zamansa, 'yan matan kuwa a Jidda aka haife su, Hausar ma sun fi jin ta da mayarwa.

Bayan kamar wata biyu, wata safiya ya ɗauko buhunan shinkafa zai shiga tirela. Babu waigi, makulli kuma na hannun direba, direban ko ya ɗauka an gama lodi sai ya ja. Motar Kawu ta rufta tsakanin tirela da dandamali. Shi ya tsira da karayar hannu, amma kayan suka danne wani ɗan Chadi da ke tsaye a ƙasa, aka yanke masa ƙafa daga gwiwa.

Mudir ya kira mu ofis, ni a matsayin tafinta. Ya buɗe rajista ya nuna dangwalen Kawu, sannan ya tsayar da bidiyon cak a shafi na goma sha huɗu. A tsaye kam, dokar ga ta nan ɓaro-ɓaro, sai ka ce wuni ta yi a allon.

“Tambaye shi,” in ji mudir, “ya kalla ko bai kalla ba?”

Na tambaye shi. Kawu ya ce ya kalla.

Takardar tsarin tana aljihun gaban rigata, tun da aka kira ni na ɗauko ta. Abin da ya rage kawai in shimfiɗa ta in ce, ranka ya daɗe, saki bidiyon ya tafi da kansa ka ƙirga, sakan takwas ne, kuma bakina bai ambaci waigi ba. Sai na tuna kafilina, mai tsaya min a ƙasar, shi ne kamfanin nan, na tuna tawa iƙamar saura wata uku ta ƙare, ga matata da tsohon ciki. Tsoro ne ya kama ni, ba wani abu ba, kuma ba zan yi masa kwaskwarima ba.

“Halas, an gama,” in ji mudir. Aka rubuta sakacin Kawu ne, aka buga masa fita ba dawowa, shi da iyalinsa. Da bakina na fassara masa hukuncin.

Ana jibi za su tashi na je Mahjar bayan la'asar, na ce yau ko me za a yi sai na faɗa masa. Na tarar an ɗaure kaya a kwalaye, ƙaramar 'yar tana kuka tana tambayar uwarta da Larabci ko akwai teku a Tawa. Kawu ya shimfiɗa min tabarma da hannu ɗaya, ɗayan na rataye a wuya. Ina haɗa maganar a raina ya riga ni.

“Malam, ka yafe ni,” ya ce. “Ka ɓata lokacinka ka yi mana bayani da harshenmu, har ka gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na kunyata ka gaban Larabawa. Na ga wani rubutu ya gifta, na so in tambaye ka, sai na ji nauyi kada a ce tsoho ba ya ganewa. Kaina ne ya toshe.”

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, “Ba komai, Kawu, Allah ya yafe mana gaba ɗaya.”

Ya ce amin, ya riƙe hannuna yana godiya, har bakin titi ya rako ni.