Takwas Ɗin da Ba Ta Gidan Ba

Ƙanena direba ne. Shekara ashirin da shida yana jan motar wata makarantar firamare, farar bas mai cin yara talatin, kuma ko akuya bai taɓa bugewa ba. Birki ake ce masa, domin tun daga nesa yake fara taka birki in ya hango kwana. Yaran da ya kai makaranta da farko, har 'ya'yansu ya zo ya ɗauka. Ba shi da surutu, ba shi da wani buri da ya wuce mota ta tashi da safe. Iyayenmu sun so ya yi karatu kamar yadda na yi, ya ƙi. Ban taɓa ganin ya yi nadama ba.

Aikin nasa rabinsa jira ne. In ya sauke yara da safe, sai ya zauna a inuwar gareji har a tashi. A nan ya koyi karta wajen wani tsohon maigadi, wasan da ake kira rumi. Da mijina ya rasu, Birki ya ga na fara magana da bango, sai ya zo wata Asabar da kwalin karta a aljihu, ya ja teburin da nake ɗora keken rubutu a kai zuwa baranda, ya ce in zauna. Na ce masa ni ba 'yar caca ba ce. Ya ce shi ma haka, ƙwandala ba za ta hau teburin nan ba. Ba ta taɓa hawa ba kuwa.

Daga baya muka zama mu huɗu: ni, da shi, da amininsa Makaniki wanda ke gyara bas ɗin, da maƙwabciyata Nas, wadda ta bar aikin asibiti amma ba ta bar ba mutane umarni ba. Kowace Asabar bayan la'asar, da butar shayi a gefe.

Wasan ba shi da wuya. Ana raba wa kowa kati bakwai, a kife sauran a tsakiya, a buɗe ɗaya a gefensu. In layi ya zo kanka, ka ɗauki ɗaya, ko daga kifaffun ko wanda aka yar na ƙarshe, ka sauke abin da ya haɗu a hannunka in kana so, sannan ka yar da ɗaya. Haɗuwa iri biyu ce. Akwai tari, wato kati uku ko huɗu masu lamba ɗaya, kamar biyar-biyar guda uku. Akwai jeri, wato uku ko fiye masu bin juna, huɗu, biyar, shida, amma dole su zama 'yan gida ɗaya. Gidajen huɗu ne. Jajaye biyu muna ce musu zuciya da daiman, baƙaƙe biyu mashi da ganye. Kana iya liƙa katinka a jikin abin da wani ya riga ya sauke in ya dace. Wanda hannunsa ya fara ƙarewa shi ya fita, zagaye ya ƙare ke nan, sai a ƙirga abin da ya rage a hannun sauran a rubuta masa.

Birki mutumin jeri ne. Yakan ce tari sa'a ce, ko jaki zai iya tara sarakuna uku in suka faɗo masa, amma jeri sai wanda yake lura da abin da kowa ke yarwa. Makaniki, wanda tari kawai ya iya, yakan ce to jakin ya gode. Haka suke tun suna samari.

A shekara ta tara da fara wasanmu na lura Birki ya daina jeri. Ban kawo komai a raina ba da farko. Amma ni ce mai rubuta maki, kowa a gabana yake buɗe ragowar hannunsa. Wata Asabar Nas ta fita, Birki ya zube nasa, sai ga huɗu, biyar, shida na zuciya zaune a jere, bai sauke ba. Na tambaye shi me yake jira. Ya ce yana so ne ya sauke duka a tashi ɗaya a ninka masa maki. Na yarda. Asabar ta gaba na ga ya yar da takwas ɗin daiman alhali bakwai da tara na daiman suna hannunsa. Ta gaba kuma haka.

Sai na daina kallon kartata na koma kallonsa. Lamba ba ta ba shi wahala, don yadda ɗigon ke zaune a fuskar kati ya ishi tsohon ɗan wasa ya san biyar ce ko tara. Ja da baƙi ma yana rabewa. Abin da ya ɓace masa shi ne siffar ɗigon, ko mashi ne ko ganye, ko zuciya ko daiman. Tari ba ya tambayar gida, shi ya sa ya fake a can. Da ya kai katin dab da hancinsa da ya gani, amma ba zai yi haka a gabanmu ba.

Abin da ya tsaya min a rai ba karta ba ce. Mutumin da ba ya rabe ganye da mashi a tsawon hannunsa, shi ne zai ja yara talatin ranar Litinin ta bakin kasuwa, inda masu babur ke fitowa ta ko'ina.

Na gwada ta lalama sau ɗaya. A bakin ƙofa na ce masa ya je a duba idonsa. Ya ce idonsa ya fi nawa, ni da ke da tabarau biyu ina neman na uku. Na san abin da yake tsoro. Bas ɗin nan ita ce duk abin da yake ji da shi, kuma makaranta ba za ta ajiye ta tana jiran ido ya warke ba.

Asabar ta gaba na tsokane shi da gangan. Ina raba karta na ce wa Nas, ashe an samu jaki na biyu a teburin nan. Makaniki ya yi dariya, ya ce maraba da ɗan'uwa. Birki bai yi ba. Na ga kunnensa ya motsa, yadda yake yi tun yana yaro in an taɓa shi.

A zagaye na uku ya ɗauki kati daga tsakiya, ya gyara zama. Ya sauke biyar-biyar guda uku. Ya sauke baƙaƙe huɗu a jere, bakwai, takwas, tara, goma. Ya yar da na ƙarshen, ya buɗe tafin hannunsa.

“Na fita, Yaya. Ga jerin da kike nema. Rubuta.”

Bakwai mashi ce, tara mashi, goma mashi. Takwas ɗin ganye ce. Takwas ɗin mashi tana hannuna.

Nas ta gani, ta mayar da idonta kan kofin shayi. Makaniki ma ya gani, sai ya miƙa hannu da sauri zai tattare kartar yana cewa wannan mutum ya gama da mu. Na dafe jerin da hannuna.

“Ba ka fita ba.”

“Kamar yaya?”

“Akwai baƙuwa a ciki. Ɗaya ba 'yar gidan ba ce.”

“Wacce?”

“Kai za ka nuna min.”

Na ɗauke hannuna. Ya dubi kati huɗun nan daga inda yake zaune, ya daɗe yana dubawa. Yatsansa ya je kan tara, ya dawo, ya je kan bakwai. Makaniki ya ce haba Yaya, wasa ne fa. Na ce masa ya yi min shiru, shi da ya fi kowa sanin jikin motar nan. Na tambaye shi ko ta zo masa da wani abu kwanan nan. Ya sosa ƙeya. Da ƙyar ya faɗa cewa madubin gefe ya canja sau biyu cikin wata uku, kuma ya gyara wata lotsawa a ƙofar baya, inda Birki ya gogi ginshiƙin gareji. Bai gaya wa kowa ba don amana. Nas ta ajiye kofi ta ce wannan ba amana ba ce, ta matso ta ɗaga fatar idon Birki ba tare da neman izini ba, ta juya shi wajen haske. Ta ce yanar ido ce, duka biyun, ta dama ta fi nuna, kuma ana cirewa.

Birki ya ture hannunta. Bai yi faɗa ba. Ya tambaye ni abin da doka ta ce, shi da ya koya min dokar. Na ce jerin da bai haɗu ba yana komawa hannu, wasa ya ci gaba. Ya kwashe huɗun ya riƙe. Biyar-biyar ɗinsa suka zauna a tebur tunda su daidai ne.

Ina gabansa a layi, duk abin da na yar yana iya ɗauka. Da na yar masa da takwas ɗin mashi da jerinsa ya haɗu. Ban yar ba, ina da amfani da ita. Bayan zagawa biyu Nas ta liƙa biyar ta huɗu a jikin tarinsa, ta yar da katinta na ƙarshe, ta fita. Ya buɗe hannunsa na ƙirga talatin da huɗu na rubuta wa Nas. Ya sa hularsa ya tafi, shayinsa ko rabi bai sha ba.

Ranar Litinin bas ba ta tashi da shi ba. Matarsa ce ta zo ta gaya min, a tsaye, ta ƙi zama. Tun ranar Lahadi ya je gidan shugabar makaranta ya miƙa mata makulli, ya faɗa mata dalili da bakinsa. Matar tasa ta ce na ji daɗi ke nan, na tozarta shi a gaban abokinsa. Na ce ban ji daɗi ba, amma in aka maimaita haka zan yi.

An yi masa aikin idon dama bayan wata biyu, na hagu bayan wata biyar. Yanzu yana zura zare a allura, abin da ni ba na iyawa. Amma makaranta ta riga ta ɗauki wani, mai iyali shi ma, kuma ba wanda ya ga dalilin korarsa. Birki bai koma ba. Yana taya Makaniki a gareji, shi ke gwada motocin da aka gama gyarawa, ya zaga da su unguwa ya dawo ya ce akwai saura. Ya rame kaɗan. In bas ɗin ta shigo gyara, sai ya samu abin yi a bayan gareji.

Wata bakwai bai tako gidana ba. Mun gaisa a wajen suna sau ɗaya, kamar surukai. Ranar da ya zo Laraba ce da hantsi, ina shanya. Ya tsaya a bakin igiya ya riƙe min gefen zanen gado ba tare da na roƙe shi ba.

“Yaya, da ban kai makullin ba, da kin je wajen shugabar?”

“Da sassafe. Har na goge kayan da zan sa.”

“Na sani,” in ji shi. “Shi ya sa na riga ki.”

Ya ja zanen ya miƙe, ya sa maƙali a gefensa, ya tambaya ko da sauran shanya.