Dajiyar Mayafin Goggo

A duk dangin babana babu mai ƙyanƙyami irin Goggo, yayarsa da ke aure a Ringim. In za ta zo mana Dutse, da kofinta take zuwa, da butarta, har da cokalinta a ƙulle cikin leda. Yaro ya yi atishawa a zaure, ita tana ƙuryar ɗaki za ta toshe hanci. Mahaifiyata kuwa, Inna, tun da ta shigo gidan nan ba ta taɓa yin abin da ya yi wa Goggo daidai ba. Miyarta gishiri ya yi yawa, shararta ba ta kai lungu ba. Har mun girma mun fi Inna tsawo, Goggo ba ta daina kiranta Amarya ba.

Abu ɗaya tak Goggo take yaba mata, shi ne dajiyar mayafi. Inna na daje bakin shifon da hannu, siriri kamar tsinken tsintsiya, ka duba ka rasa inda allura ta bi. A gidan biki Goggo kan ɗaga bakin mayafinta ta ce, "Matar ƙanena ce ta yi." Inna ba ta faɗa, amma na san wannan 'yar kalmar ita take riƙe da ita a cikin dangi.

Abin da Goggo ba ta gani shi ne yadda ake yin aikin. Shifon yadi ne marar kunya, ga santsi ga tsiyar warwarewa, ka kama nan ya zille can. Kafin ya yarda ya naɗu sai yatsa da ɗan danshi. To Inna lasar babban yatsa da manuniya take yi, ta murza bakin yadin ya naɗe, ta soka allura, ta sake lasa. Mayafi guda kuwa baki huɗu gare shi. Ni da na san wannan, duk sanda na ga Goggo ta ja mayafi ta rufe baki da shi don ƙura, sai in fita waje in yi dariyata in dawo.

Wata rana da hantsi sai ga ta a adaidaita sahu, babu ko sanarwa. Ta zaro shifon ruwan toka daga jaka ta ce gobe walimar saukar jikanta, da shi za ta fita.

Inna ta ce, "To Yaya, ki bar shi, da safe sai a kawo miki."

"A'a, Amarya. Zama zan yi ki gama, in bi motar la'asar da abina."

Ta shimfiɗa dardumarta a kan tabarmarmu, ta zauna daf da Inna, gwiwa da gwiwa. Inna ta dube ni. Ni kuma, Allah ya yafe mini, daɗi ne ya kama ni.

Farkon aikin lafiya lau. Inna ta zaro silin zare ɗaya daga gefen yadin, ta bi hanyar da ya bari da almakashi don bakin ya fita sak. Na hau keken ɗinki, na sa takarda a ƙarƙashin yadin don kada haƙoransa su haɗiye yadin, na ja layi ɗaya kusa da baki, na yage takardar. Inna ta datse rarar daf da layin, domin a kansa ake murza naɗin. Ta soke kusurwa ɗaya a jikin filo da fil don yadin ya miƙe, ta sa zare a 'yar siririyar allurarta. Sai hannunta ya tashi da kansa ya nufi baki.

Na yi tari. Hannun ya tsaya a hanya, Inna ta sosa haɓa da shi.

Ta gwada da busasshen yatsa. Ina! Ta murza ya warware, ta sake murzawa ya zille, 'yan zarurruka suka fara leƙowa. Na ce, "Inna, ko dai in ƙarasa a keke? Akwai ƙafar nan mai naɗe baki da kanta."

Goggo ta ce, "Allah ya kiyaye. Ɗinkin keke layi yake bari, kowa ya gani. Da shi nake so, ai a Ringim ma akwai teloli."

Na tashi na kawo ruwa a 'yar tasa, na ajiye a gaban Inna da ladabi, na ce, "Ga ruwan da kika saba sawa." Hararar da ta yi mini har yau ina jin ta a gefen fuska. Ta tsoma yatsa. Ruwa dai yana yi, amma ba ga hannun da bai saba ba. Ta ɗebo da yawa, ya jiƙa bakin yadin sharkaf, naɗin ya fito nan kauri nan siriri. Kuma duk bayan ɗan ɗinki kaɗan hannun sai ya manta da tasa ya kama hanyar baki. Ni kuma ina bakin aikina, tari kawai nake yi.

Goggo ta ja dardumarta baya. "Ke, wannan tarin naki, kin je asibiti kuwa?"

"Ƙurar yadi ce, Goggo."

"To juya can."

Ta ɗauki gilashinta ta saka, ta ɗaga inda Inna ta daje. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Amarya, wannan ba hannunki ba ne. Ko ido ne ya fara?"

A nan dariyata ta tsaya. Na ga gumi a wuyan Inna. Tausayinta ya kama ni sosai, domin rana ta take, ko rabin gefe ɗaya ba a yi ba, kuma wanda aka yi ma sai an farke. Na gwada jan Goggo waje. Na ce ta zo ta ga dabinonmu ya yi 'ya'ya, ta ce ta gani da za ta shigo. Na ce maƙwabciyarmu ta haihu, ko za ta leƙa barka, ta ce ba ta shiga ɗakin jego da kayan fita.

Ladan ne ya cece mu. Ana kiran azahar Inna ta yi maza ta yi tata sallar. Goggo ta ɗauki buta, ta yi alwalarta mai tsawo, ta koma can gefen rumfa ta fuskanci gabas, ta ba mu baya. Tana ta da kabbara Inna ta farke ɓarnar, ta lashi yatsu. Wayyo, ka ga aiki! Murza, tsinci sili ɗaya ko biyu a jikin yadi, zura allura ta cikin naɗi, ja a hankali, lasa. Yadin da ya wuni yana mata iskanci ya kwanta lakwas. Ni ina sa mata zare a wata allurar, ido ɗaya a kan bayan Goggo.

Goggo ta idar da farilla. Muka daskare. Sai ta miƙe ta ta da nafila. Ta sallame, ta ja carbi har na zaci barci ya ɗauke ta, ta sake miƙewa. Na raɗa wa Inna, "Yau Goggo ibada ta motsa." Inna ko ɗagowa ba ta yi ba, ta karya kusurwa ta shiga wani gefen.

Can Goggo ta sake sallamewa. Ta zauna tana matsa gwiwa da hannu. Ba ta juyo ba, bango take kallo, ta ce, "Amarya."

"Na'am, Yaya."

"Kin gama lashe-lashen, ko in ƙara? Gwiwar nan tawa fa ta fara ƙara."

Allurar da ke hannuna ta faɗi. Inna ta tsaya da yatsa a leɓe, idonta ya ciko, bakinta kuma yana son yin dariya.

"Saura gefe ɗaya, Yaya."

Goggo ta dafa ƙasa, ta miƙe da nishi, ta gyara tsayuwa, ta ce, "Allahu akbar."